Yadda muka mayar da darasin yankan hannun riga gajerun bidiyo na tsaye

Yayata tela ce a Kano. Kayan mata take ɗinkawa, kuma tana da tasha a YouTube inda take koyar da awo da yanka. Ni nake tace mata bidiyo. Cikin duk abin da ta ɗora, guda ɗaya ya yi wa saura fintinkau, wato darasin minti 14 da sakan 20 a kan yadda ake zana hannun riga a takarda kafin a ɗora shi a kan atamfa. Duk wadda ta taɓa koyon ɗinki ta san nan ne wurin da ake shan wuya. Jikin riga yakan zo da sauƙi, amma hannu shi ne ke tattarewa a kafaɗa ko ya matse hammata.

Bayan ƙaramar Sallah, da aiki ya lafa a shago, sai ta ce mini, "Auta, ka yayyanka mini darasin nan ya koma gajeru irin na tsayen nan. 'Yan matan da ke tambayata a waya suke kallo, kuma ba kowa ke da datar minti 14 ba." Na ɗauka aikin yini guda ne, sai ya ci mako. Daga gajeru bakwai da muka yi niyya, huɗu muka fitar. Ga yadda abin ya kasance.

Abu na farko shi ne fayil ɗin da za a yi aiki da shi. Ta ce in sauko da bidiyon daga tasharta kawai, na ƙi. Wanda YouTube Studio ke ba mai tasha idan ya nemi sauke nasa bai wuce 720p ba, wato tsayin hotonsa 720, kuma an riga an matse shi. Na koma na tono asalin fayil ɗin a kwamfutata, mai faɗin fiksil 1920 da tsayi 1080. Fiksil su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Dalilin wannan naci lissafi ne mai sauƙi. Bidiyon kwance 16:9 ne, na tsaye kuwa 9:16, faɗi 1080 tsayi 1920. Idan za ka cika fuskar waya da hoton da aka ɗauka a kwance, tsayinsa duka za ka ɗauka, sannan ka datse gefe da gefe har ya rage fiksil 608 kacal cikin 1920. Ko kashi ɗaya cikin uku bai cika ba. Wannan ɗan zirin kuma sai an buɗa shi kusan ninki biyu kafin ya cika fuska. Da na 720p na yi aiki, zirin fiksil 405 zai zama, a buɗa shi fiye da ninki biyu da rabi. A darasin da lambobin tef ne jigonsa, wannan zai sa 7 da 1 su yi kama da juna.

Zaɓen guntaye

Ban bi son raina ba wajen zaɓen inda za a yanka. A YouTube Studio, ƙarƙashin Analytics, a shafin Engagement, akwai zanen da ke nuna yadda masu kallo suke zama ko suke ficewa a tsawon bidiyo. Inda layin ya yi tudu, nan ne mutane suke komawa baya su sake kallo. A darasinta tudun da ya fi kowanne tsayi yana wajen minti 6 da sakan 40, daidai inda take lanƙwasa layin kan hannu da alli. Akwai wani ƙarami a minti na 3, inda take lissafin zurfin hammata.

Sai dai tudu ba ya gaya maka dalilinsa. Mutane suna komawa baya saboda abin ya yi musu daɗi, suna kuma komawa saboda ba su gane ba. Don haka na haɗa zanen da tambayoyin da ake yi mata. Tambayar da ta fi yawa ita ce wane gefe ne gaba, wane ne baya, bayan an yanke hannun. Amsar tana minti na 9, wurin da zanen bai nuna komai na musamman ba. Muka sa shi a jerin.

Ma'aunin da na bi wajen tankaɗe shi ne wannan: wadda ba ta taɓa ganin dogon darasin ba, idan guntun ya faɗo mata, za ta iya ɗaukar takarda da alli ta yi abin da aka nuna? Guntaye biyu sun faɗi nan take. Ɗaya yana farawa da "kamar yadda muka samu ɗazu", ɗayan kuma yana aiki da layukan da aka zana minti biyar baya ba tare da an sake ambatar sunansu ba. Tun daga watan Oktoba na 2024 YouTube ya yarda Shorts, wato gajerun bidiyonsa, ya kai minti uku, saboda haka da mun so da mun ja su har su haɗiye abin da ya gabace su. Amma idan ka ja guntu har ya ɗauki darussa uku, ka sake yin dogon bidiyo ne a cikin matsattsen fili. Muka tsaya a kan abu ɗaya a kowane guntu, kuma duk sun tsaya ƙasa da minti guda, wanda hakan ya sa ta iya ɗora su a status ɗin WhatsApp ma ba tare da sun rabu biyu ba.

Inda datsar hoto ta fara ba mu matsala

Ga yadda aka ɗauki darasin tun asali. Waya tana kan ƙafarta a gaban teburin yanka, an ɗan ɗaga ta tana kallon ƙasa. Yaya tana tsaye a ɓangaren hagu na hoton, takardar tana shimfiɗe daga tsakiya zuwa dama, hannuwanta suna kai da komo a kanta.

Manhajar da nake tacewa da ita tana da wani zaɓi da ke mayar da bidiyo na tsaye da kansa, yana bin abin da ya ɗauka shi ne mai muhimmanci. Na gwada shi a guntun farko. Fuskarta ya bi. Sakamakon ya yi kyau a ido, tana tsakiyar fuskar waya, haske ya zauna mata. Na tura mata, ta kalla, ta kira ni.

"Auta, ina cewa 'daga nan zuwa nan', to ina nan ɗin yake?"

Gaskiyarta ne. Yatsanta yana can wajen hoton. Wannan tambaya tata ita ta zama hanyar aikina gaba ɗaya. Na zauna da takarda, na saurari kowane guntu, na rubuta sakan ɗin duk inda ta ce "nan", "ga shi", "wannan layin", "haka". A guntun lanƙwasar kan hannu, mai sakan 55, sau tara ta faɗi irin waɗannan kalmomi. A kowanne na tsayar da hoton na duba inda kan yatsanta ko bakin allinta yake. Mai koyar da aikin hannu ba ya kammala jimla da baki kaɗai, rabin maganar a yatsa take. Idan yatsan ya fita daga hoto, jimlar ta gutsure, ko da sautin yana fita tas.

Da na auna wuraren tara, sai na ga mafi nisa a hagu yana wajen fiksil 610, mafi nisa a dama kuma wajen 1500. Tazarar ta kusa 900, zirin cika fuska kuwa 608 ne. Ba yadda za a yi ya ɗauke su duka a tsaye wuri ɗaya. Hanyoyi biyu suka rage: ko in sa zirin ya riƙa tafiya yana bin hannunta, ko in haƙura da cika fuskar waya.

Na gwada ta farko. Ana iya yi, ka sa alama a sakan kaza zirin yana nan, a sakan kaza ya koma can, manhajar ta cike tsakani. Amma a wannan darasin bai yi ba, kuma dalilin ya shafi abin da ake koyarwa ne. Lanƙwasar kan hannu siffa ce guda ɗaya, tana hawa kamar tudu ta gangara. Mai koyo yana buƙatar ya ga farkonta da ƙarshenta a lokaci guda kafin idonsa ya riƙe ta. Idan hoton yana bin alli, abin da za ka gani alli ne yana tafiya a kan takarda, ba za ka taɓa ganin tudun ba. Ga shi kuma takardar da kanta tana motsi a fuskar waya, ido ya rasa abin da zai dogara da shi.

Sai na koma ta biyu. Maimakon ziri, na yanko murabba'i, 1080 da 1080. Amfaninsa biyu ne: ya ɗauke wuraren tara duka, kuma ba a buɗa shi ko kaɗan ba, kowane fiksil yana nan yadda kyamara ta ɗauke shi, don haka lambobin tef suka fito raɗau. Da a tsakiya na yanka, daga fiksil 420 zan fara, wanda zai ƙare a 1500, daidai kan gaɓar wuri na ƙarshe. Sai na matsa dama zuwa 570, ya ƙare a 1650, aka samu sarari ta kowane ɓangare. Ga umarnin da na ba ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni.

```
ffmpeg -ss 00:06:40 -to 00:07:35 -i darasi.mp4 \
  -vf "crop=1080:1080:570:0,pad=1080:1920:0:260" \
  -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac guntu2.mp4
```

A cikin `crop`, lambobin su ne faɗi, tsayi, sai inda za a fara daga hagu da inda za a fara daga sama. Shi kuma `pad` yana ɗora murabba'in a kan fili mai tsayin 1920, ya sauko da shi fiksil 260 daga sama. Ban ajiye shi a tsakiya ba da gangan. Duk manhajojin gajerun bidiyo suna rufe ƙasan fuska da sunan mai tasha da bayanin bidiyo, suna kuma jera maɓallai a gefen dama. Girman abin da suke rufewa ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja, har daga waya zuwa waya. Ni dai ƙa'idar da nake aiki da ita ita ce kada in sa wani abu mai muhimmanci a fiksil 250 na sama, da kusan 420 na ƙasa, da kusan 150 na dama. Da wannan tsari, hoton yana ƙarewa a 1340, aka bar wajen fiksil 150 a ƙarƙashinsa don rubutu, sauran kuma na manhaja ne ta rufe yadda ta ga dama.

Wannan ya jawo fuskar Yaya ta fita daga guntun kusan baki ɗaya, sai kafaɗarta da hannuwanta. Ba ta so haka ba da farko, kuma na fahimce ta, domin da fuska ake sanin mai sana'a. Abin da muka daidaita a kai shi ne sunan shagonta ya zauna a saman hoton, sannan guntun lissafin hammata, wanda yawancinsa magana ce, a bar fuskarta a ciki. A can ne na yi amfani da zirin 608, tunda tana tsaye wuri ɗaya, abin da take nunawa kuma tef ne a hannunta kusa da ƙirjinta.

```
-vf "crop=608:1080:140:0,scale=1080:1920,setsar=1"
```

Nan ma an samu cikas. Da aka buɗa hoton, lambar da babban yatsanta ya danne a kan tef ta dushe. Babu dabarar tacewa da za ta dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Na je shago da wayata, na riƙe ta a tsaye, na ɗauki sakan takwas na hannunta kaɗai riƙe da tef ɗin, na saka a wurin, sautin asali yana tafiya a ƙarƙashi. Ta sake sa zoben da ke hannunta a darasin farko don kada a ga bambanci.

Akwai kuma batun sallama. Na yanke guntayen su fara kai tsaye da aiki, domin sakan biyun farko ne mutum ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Ta ce ita ba za ta faɗo wa mutane da magana babu sallama ba, ba tarbiyyarta ba ce. Ban yi gardama ba. Na ɗauko "Salamu alaikum" ɗinta daga farkon dogon darasin, sakan ɗaya da ɗoriya, na ɗora sautin a kan hoton hannunta yana riga ya fara zane. Kunne yana jin sallama, ido yana ganin aiki.

Rubutun da ke bin magana

Mutane da yawa suna kallon gajerun bidiyo ba sauti, a cikin Keke Napep, ko a ɗaki da dare yara suna barci, ko a shagon da janareta ke ruri. Don haka rubutun ba ado ba ne a wurinmu. Manhajata tana iya rubuta magana da kanta, amma da na ba ta Hausar Yaya, abin da ta fitar ba ya gyaruwa. Da hannu na rubuta, a Subtitle Edit, wanda kyauta ne kuma yana nuna zanen sauti, kana ganin inda kowace kalma ta fara.

Dacewar rubutu da magana iri uku ce, kuma kowacce ta ba mu nata aikin.

Ta farko dacewar kalmomi. Na rubuta abin da ta faɗa, da kalmominta. Inda ta ce "amhol", wato ramin hammata, haka na rubuta, domin haka ɗalibanta suke ji a shago, ban canza mata da wata kalmar da na ga ta fi zama Hausa ba. Abin da na zubar shi ne cikon magana, irin su "to", "yawwa", "kin gane ko", saboda suna cin wuri. Lambobi kuwa na mayar da su alƙaluma. Ƙa'idar da take koyarwa ta zurfin hammata, wadda teloli da yawa suke bi, ita ce a raba awon ƙirji gida shida a ƙara inci ɗaya da rabi. Idan ƙirji 36 ne, an samu 6, a ƙara ɗaya da rabi ya zama bakwai da rabi. Na fara rubuta 7.5, ta ce in cire. Tef ɗin tela a ɓangaren inci gida takwas aka raba shi, ba goma ba, kuma ta sha ganin 'yan koyo suna ƙirga ƙananan layuka biyar bayan 7 idan sun ga irin wannan rubutu, alhali rabi layi na huɗu ne. Muka rubuta "inci 7 da rabi". Wannan gyara ba zai taɓa zuwa daga wurina ba, shi ya sa duk rubutun sai da ta karanta kafin in manna shi.

Ta biyu dacewar haruffa. Salon rubutun da na fara zaɓa a manhajar, mai kauri mai kyan gani, ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Alamar da za ka gane wannan ita ce ko dai ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko kuma harafin ya fito siriri dabam da 'yan'uwansa, domin an aro shi daga wani salon. Da yawa idan sun ga haka sai su cire lanƙwasar su rubuta k da d da b. A darasin ɗinki wannan yana canza ma'ana. A guntu na huɗu tana cewa a ja bakin zare a hankali don kan hannun ya ɗan tattaru ya shiga ramin hammata. Bakin zare dabam, baƙin zare dabam. Idan mai karatu ya saba ganin ka kana zubar da lanƙwasa, ba zai san wanne kake nufi ba, ko da a nan ka rubuta daidai. Na koma Noto Sans, wanda yake da haruffan Hausa duka. Andika ma yana da su. Fayil ɗin rubutun kuma dole a adana shi a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba haruffan su rikiɗe su zama tarkace.

Ta uku, wadda ta fi cin rai, dacewar lokaci. Ina da rubutun dogon darasin a fayil ɗin SRT tun da, wato fayil mai ɗauke da kowane layi da lokacin fitowarsa. Na yi tunanin ɗebe lokacin farawa kawai zan yi, layin da yake a minti 6 da sakan 43 ya koma sakan 3 a guntun da ya fara a 6:40.

```
1
00:00:03,200 --> 00:00:06,100
Daga kan kafaɗa
ki sauko inci 3 da rabi
```

Lissafin daidai ne, amma da na kunna sai rubutun yana riga bakinta da fiye da sakan ɗaya. Na bi guntun har ƙarshe, na ga tazarar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Wannan ita ce alamar. Idan tazara ɗaya ce daga farko har ƙarshe, matsalar tana wurin yanka. A gwajin farko na yanke guntun da `-c copy` don sauri, shi kuwa ba ya iya farawa sai daga cikakken firam, wato hoto guda cikakke, irin waɗanda ake jefawa jefi-jefi a cikin bidiyo, sauran firam ɗin suna dogara da su. Sai ya koma baya ya faro daga wanda ya fi kusa, guntun ya samu ƙarin da ban sani ba a gabansa. Maganin shi ne a sake matse bidiyon yayin yanka, kamar yadda umarnin da na kawo a sama yake yi, sai ya fara daidai inda aka ce.

Da tazarar tana ƙaruwa ne a hankali, daidai a farko amma ta kauce a ƙarshe, da wani ciwon ne dabam. Wayoyi sukan ɗauki bidiyo da adadin firam mai canzawa, musamman idan haske ya ragu, wasu manhajojin tacewa kuma sukan ɗauka adadin tsayayye ne. A irin wannan sai a fara daidaita fayil ɗin da `fps=30` kafin a yi komai. Sakan takwas ɗin da na ɗauka da wayata sai da na bi da su ta nan kafin in haɗa.

Bayan lokaci ya zauna, sai na ga layukan dogon darasin ba su dace da tsaye ba. An rubuta su don faffaɗan allo, wasu sun haura harafi 40 a layi. A tsaye na tsayar da kaina a kan harafi 26 zuwa 28, layi biyu iyaka, sannan kowane rubutu ya zauna gwargwadon sakan ɗaya ga kowane harafi 15. Inda za a karya layi ma abin lura ne. Ba a raba lamba da abin da take ƙirgawa, kada "inci" ya kwana a sama "3 da rabi" ya sauko ƙasa. Ba a kuma raba "kada" ko "ba" da aikin da suke hanawa, domin idan "ki ja shi da ƙarfi" ya fito shi kaɗai bayan "kada" ya wuce, wadda ta ɗago ido a lokacin ta karanta akasin abin da aka ce.

```
ffmpeg -i guntu2.mp4 -vf "subtitles=guntu2.srt:force_style=\
'FontName=Noto Sans,FontSize=9,MarginV=64,Outline=1'" \
  -c:a copy gama2.mp4
```

Lambobin nan suna rikita wanda bai saba ba. `FontSize=9` ya yi kama da ƙanƙani, amma idan daga SRT ake manna rubutu, ana auna shi ne a kan fili mai tsayin 288, ba 1920 ba. Kowane ɗaya yana daidai da fiksil shida da kashi biyu cikin uku. Tara ta zama fiksil 60, `MarginV=64` kuma ya ɗaga rubutun kusan fiksil 427 daga ƙasa, ya zauna daidai a sararin da na bari tsakanin hoton da wurin da manhaja ke rufewa. Wanda ya sa 60 a wurin yana zaton fiksil ne, kalma biyu za su cika masa fuskar waya.

Na manna rubutun a jikin hoton ne maimakon in ɗora shi a matsayin fayil dabam, saboda bidiyon nan yawo zai yi. Wata za ta tura wa ƙanwarta a WhatsApp, fayil ɗin rubutu kuwa ba ya bin sa. Dukkan huɗun salo ɗaya, girma ɗaya, wuri ɗaya, fari mai baƙin gefe, ta yadda duk wadda ta ga ɗaya za ta gane 'yan'uwansa.

Guntun da muka ajiye

Na biyar, wanda nake ganin ya fi kowanne amfani, bai fita ba. A nan ne take shimfiɗa hannun da aka yanka a kusa da jikin rigar, tana gwada zagayen hammata da tsawon lanƙwasar don a ga sun yi daidai. Jikin rigar yana can ƙarshen hagu na tebur, hannun yana ƙarshen dama, tazararsu ta fi 1400. Murabba'i bai ɗauke su ba. Na gwada raba fuskar biyu, jikin riga a sama, hannu a ƙasa, kowanne da nasa yankan. Ya yi kyau har zuwa lokacin da ta ja tef daga ɗaya zuwa ɗaya: hannunta ya fita ta daman hoton sama, ya ɓullo ta hagun hoton ƙasa. Na nuna wa wata ɗalibarta ba tare da na yi mata bayani ba, ta ce ita dai ta ga hannu biyu suna aiki a wuri biyu. Na gwada sa hoton kwancen duka a tsakiya, sai ya koma ɗan ziri mai tsayin fiksil 608, ba a ganin alamar alli. Muka bar shi sai an sake ɗauka.

Sauran huɗun, kafin a ɗora, na tura kowanne zuwa tsohuwar wayar ɗalibar nan mai ƙaramar fuska, na kalla ba sauti, sannan na saurara ba kallo. Kowace manhaja na ba ta fayil ɗin asali daga kwamfuta, ban sauko da shi daga wata in kai wata ba, domin yakan zo da tambarin ta farkon kuma an sake matse shi. A YouTube, adireshin da aka rubuta a bayanin Shorts ba ya dannuwa tun 2023, don haka na haɗa kowane guntu da dogon darasin ta wurin Related video.

Darasin da za ta ɗauka nan gaba a kan wuyan riga ne. Wayarta tana ɗaukar 4K, wato 3840 da 2160, wanda zirinsa na tsaye fiksil 1215 ne, ya isa cika fuska ba tare da an buɗa ba. Ranar Asabar na je shagon, muka kafa wayar a inda za ta tsaya, ina kallon fuskar wayar, Yaya tana matsar da rula a kan tebur har muka gano iyakar zirin ta hagu da ta dama. Muka manna salatif a wuraren biyu. Faɗin da ke tsakaninsu ya ɗan haura inci 20, ta ninke takardar wuyan ta gwada, ta shiga har da ragowar wurin ajiye alli.